Ina kashi 80 ɗin ta tafi a lissafin kuɗin kol ofshin?

Salam Malam. An ba mu aikin gida, hannun jari yana dala 100 yau, duk wata shida ko ya tashi da kashi 20 ko ya faɗi da kashi 20, zango biyu ne, ruwan banki kashi 4 a kowane zango, kol ɗin irin na Turai ne, sitirayik 90. A tambayar an ce yiwuwar tashi kashi 80 ce. Na sa 0.8 na samu 33.73, malaminmu ya soke ya rubuta 20.64. Ni wallahi ban gane ba, ta yaya za a ce yiwuwar tashin abu bata shafi kuɗinsa ba?

Wa alaikumussalam ƙanena. Malaminku ne da gaskiya, kuma ita 0.8 ɗin da gangan aka saka ta dan a ga wa zai taka. Amma dai ba shirme kayi ba, kusan duk wanda ya fara karatun nan a wurin yake tuntuɓe, saboda hankali na farko yana cewa kuɗin abu ai shine matsakaicin abinda ake sa ran samu daga gare shi. A nan kam ba haka bane, kuɗin kol shine abinda zaka kashe ka haɗa irinsa da hannunka daga hannun jarin da kuma bashin banki. In ka riƙe wannan sauran duk tarawa da rabawa ne.

Mu fara dasa bishiyar tukuna. Tashi na nufin ka ninka da 1.2, faɗuwa ka ninka da 0.8, su ake rubutawa u da d.

```
                144
        120
100             96
        80
                64
```

Ka lura 96 sau ɗaya ta fito amma hanya biyu ce ke kaiwa gare ta, ya tashi sannan ya faɗi, ko ya faɗi sannan ya tashi, 100 sau 1.2 sau 0.8 duk ta inda ka biyo 96 ce. Ka ajiye wannan a ranka, zamu dawo kanta.

Shi kol haƙƙi ne ka saya, na cewa in ka ga dama a sayar maka da hannun jarin a 90, farashin da ake kira sitirayik, in baka so ba ka tafi abinka. Yana kama da kafin alƙalami ta wani gefen, sai dai shi kuɗin da ka biya ba a cire shi daga 90 ɗin, ya tafi kenan. Na Turai kuma ma'anarsa ba zaka iya amfani da haƙƙin ba sai ranar ƙarshe, sunan ne kawai, ba wai a Turai kaɗai ake cinikinsa ba, ofshin ɗin S&P 500 da ake saye da sayarwa a Chicago ma irin na Turai ne. Toh tunda sai ranar ƙarshe, a ƙarshen bishiyar ne kawai muka san darajarsa ba tare da wani lissafi ba. In farashi ya kai 144 ka saya a 90 ka ci 54. In 96 ne ka ci 6. In 64 ne ba mai zuwa ya sayi abin 64 a 90, sai ka bar shi ya mutu, sifili.

Yanzu sai mu taho da baya da baya, kuma ina so kafin mu taɓa wata yiwuwa ko ɗaya mu yi shi ta hanyar haɗawa, dan ka gani da idonka babu inda ake buƙatar 0.8.

Ɗauka wata shida ya wuce muna tsaye a 120. Gabanmu 144 ne ko 96, kol zai ba da 54 ko 6. Hannun jari nawa zan riƙe dan motsina ya zama daidai da motsin kol ɗin? Tazarar kol 54 a cire 6, 48. Tazarar farashi 144 a cire 96, ita ma 48. Ka raba, 1. Wannan rabon shi ake kira delta. Wato hannun jari guda cur zan riƙe, sai in ci bashin da zai zama 90 bayan wata shida, ka ga in ya kai 144 na biya 90 saura 54, in 96 ne na biya 90 saura 6, daidai da kol ɗin ba ƙari ba ragi. Bashin da zai zama 90 da ruwan kashi 4, yau 90 a raba da 1.04 ne, 86.54. Kenan abinda zai fita daga aljihuna 120 a cire 86.54, wato 33.46. Wannan shine darajar kol a gaɓar 120.

In kuma a 80 muka tsinci kanmu, gabanmu 96 ko 64, kol zai ba da 6 ko sifili. Delta 6 a raba da 32, 0.1875. Wannan ɗan yankin hannun jarin zai zama 18 in an tashi, 12 in an faɗi. Ina so in tashi da 6 ko sifili, dan haka bashin da zan biya 12 ne. Darajar 12 ɗin a lokacin 11.54, yankin hannun jarin kuma 0.1875 sau 80, 15. Cire, saura 3.46.

Sai mu dawo yau. Gabanmu 120 ko 80, darajar kol 33.46 ko 3.46. Tazara 30 a kan 40, delta 0.75. Kashi uku cikin huɗu na hannun jari, kuɗinsa 75 yau, zai zama 90 ko 60. Cire 33.46 daga 90, 56.54, cire 3.46 daga 60, nan ma 56.54, wannan shine bashin da zai kasance a kaina bayan wata shida. Darajarsa yau 56.54 a raba da 1.04, 54.36. Toh 75 a cire 54.36 nawa? 20.64. Ga amsar malaminku nan, kuma ka duba baya ka gani, ban tambayi kowa ra'ayinsa kan tashi ko faɗuwa ba ko sau ɗaya.

Abinda ya fi birge ni a lissafin nan, kuma shi ne mutane suke tsallakewa, shine bayan 20.64 ɗin farko ba zaka sake sa ko sisi daga aljihunka ba. In farashi ya tafi 120 kana buƙatar delta ta koma 1, sai ka sayi ƙarin 0.25 a kan 120, dala 30 kenan, ka ci bashinta, 56.54 da 30 ya zama 86.54, daidai da bashin da muka ce ana buƙata a wannan gaɓar. In ya sauka 80 sai ka rage daga 0.75 zuwa 0.1875, ka sayar da 0.5625 a kan 80 ka samu 45, ka rage bashi, 56.54 a cire 45 saura 11.54, shi ma ya faɗa daidai. Ajiyar, wato haɗin hannun jarin da bashin, tana ciyar da kanta da kanta. Wannan gyaran tsakiyar shine duk bambancin zango biyu da zango ɗaya, a zango ɗaya ka haɗa ka kwanta, a zango biyu dole ka tashi a tsakiya ka gyara, kuma yadda zaka gyara ya danganta da reshen da kasuwa ta bi.

Yanzu ka ce kai a ganinka 33.73 ne kuɗinsa kuma zaka saya a haka. Ni sai in sayar maka. In karɓi 33.73, in ware 20.64 in haɗa da bashin 54.36 in sayi 0.75, in yi gyaran tsakiya kamar yadda na nuna, ranar ƙarshe duk abinda kake bina, 54 ko 6 ko babu, yana cikin ajiyar. Saura 13.09 a hannuna tun ranar farko ba kasada ba komai, cin bulus, shi ake ce ma abitiraj. Kuma ba ni kaɗai zan gani ba, kowa zai rugo ya sayar a wannan farashin har ya sauko 20.64. Haka in wani ya karyar da shi ƙasa da 20.64, sai a saya a hannunsa a juya ajiyar, a ari hannun jarin a sayar a ba da kuɗin bashi. Shi yasa mai ganin tashi kashi 80 ne da mai ganin kashi 30 ne dole su haɗu a farashi ɗaya, matuƙar sun yarda da 100, da 1.2, da 0.8, da ruwan kashi 4.

Toh ina yiwuwar riski-niyutiral ta shigo? Gajeriyar hanya ce kawai ta yin wannan lissafin da muka gama. In ka rubuta delta da bashin da haruffa ka tattara su, zaka ga amsar kullum tana fitowa a wannan siffar, inda q ita ce yiwuwar riski-niyutiral ɗin, r ruwan banki na zango, C darajar kol, Cu da Cd kuma darajarsa in an tashi da in an faɗi:

```
q = (1 + r - d) / (u - d)
C = (q*Cu + (1 - q)*Cd) / (1 + r)
```

A namu 1.04 a cire 0.8, 0.24, a raba da 0.4, q ta zama 0.6, ɗayar 0.4. Gwada a gaɓar 120, 0.6 sau 54 shine 32.4, 0.4 sau 6 shine 2.4, tara 34.8, raba da 1.04, 33.46. A gaɓar 80, 0.6 sau 6, 3.6, raba da 1.04, 3.46. A tushe 0.6 sau 33.46 da 0.4 sau 3.46 sun ba da 21.46, raba da 1.04, 20.64. Lambobin ɗazu ne sak.

Ita q ba hasashen kowa bace, ba wanda ya ce hannun jarin nan yiwuwar tashinsa kashi 60 ce. Ma'auni ne da ya faɗo daga lissafin haɗawa, sai aka ga yana tsakanin sifili da ɗaya kuma shi da ɗan'uwansa suna haɗuwa su ba da ɗaya, sai ya zama ana iya mu'amala da shi kamar yiwuwa. Sunan kuma daga nan ya zo: ka auna hannun jarin kansa da ita, 0.6 sau 120 shine 72, 0.4 sau 80 shine 32, jimla 104. Wato a ƙarƙashin q hannun jari mai kasada yana girma da kashi 4 kacal, daidai da ajiyar banki. A wace duniya mutane zasu riƙe abu mai kasada ba tare da neman ladan kasadar ba? Sai duniyar da ba ruwan mutane da kasada. Bamu ce a duniyar muke ba, cewa muka yi farashin da ya fito a can shine farashin nan, tunda a duka biyun kuɗin haɗawar ɗaya ne.

Da yake kol ɗin na Turai ne ba a taɓa shi a tsakiya, zaka iya tsallake gaɓoɓin tsakiyar ma gaba ɗaya:

```
C = (q^2*54 + 2*q*(1-q)*6 + (1-q)^2*0) / 1.04^2
  = (0.36*54 + 0.48*6) / 1.0816
  = 22.32 / 1.0816 = 20.64
```

Ga 2 ɗin nan ta hanyoyi biyun da na ce ka riƙe. Wanda ya manta ta zai samu 19.30, kuma hanyar kama kanka mai sauƙi ce, 0.36 da 0.48 da 0.16 dole su haɗu su ba da 1, in ka ga 0.76 ka san ka yar da hanya ɗaya.

Saura tambayarka ta asali, kuma tana da kyau sosai. 0.8 bata ɓace ba, tana cikin 100 ɗin. Mutanen kasuwa sun riga sun duba yiwuwar tashi da tsoron faɗuwa suka tsaya a kan 100, da wani sabon labari mai daɗi zai fito, 100 ɗin ce zata motsa, kol ya bi ta. In ka sake saka 0.8 a lissafin kol kamar ka ƙirga abu ɗaya sau biyu ne. Kuma kuskurenka na gaskiya ba amfani da 0.8 bane ma, haɗa ta da ruwan kashi 4 ne. Duba, da 0.8 hannun jarin ana sa ran ya kai 112 bayan zango ɗaya, ribar kashi 12, wato kasuwa tana neman ƙarin kashi 8 a kan ruwan banki saboda kasadarsa. Shi kuwa kol ya fi hannun jarin kasada nesa ba kusa ba, tunda a cikinsa akwai kayan 75 da aka saya da kuɗin kai 20.64 kawai sauran bashi. Auna shi da 0.8, 0.8 sau 33.46 da 0.2 sau 3.46 sun ba da 27.46, a kan 20.64 ribar wajen kashi 33 kenan. Dan haka in lallai sai kayi amfani da 0.8, toh da kashi 33 zaka dawo da kuɗin baya ba da kashi 4 ba. Matsalar ita ce baka da hanyar sanin 33 ɗin nan sai ka riga ka san kuɗin kol, abinda kake nema kenan tun farko, kuma ma ba lamba ɗaya bace, a gaɓar 80 ta kusa kashi 39 saboda can bashin ya fi yawa in aka kwatanta da kuɗin kai. Da q kuwa ruwa ɗaya ne a ko'ina cikin bishiyar. Ƙa'idar da nake so ka tafi da ita ɗakin jarrabawa, q da ruwan banki suke tafiya tare, yiwuwar gaske da ribar da ta ƙunshi ladan kasada suke tafiya tare, kada ka ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can.

Wani wurin da maki ke zubewa shine ruwan. A aikinku an taimake ku an ce kashi 4 a kowane zango, amma sau da yawa cewa za a yi kashi 8 a shekara a bar ka ka raba da kanka. Wanda ya jefa 1.08 a cikin q zai samu 0.7, komai ya karkace daga nan. In kuma an ce ruwan mai taruwa ne ba tsayawa, sai ka maye gurbin 1 + r da e^(rΔt), inda r ruwan shekara ne Δt kuma tsawon zango a lissafin shekara, a wurare biyun, cikin q da wajen rabawa, a nan e^0.04 kusan 1.0408 ne, q ta koma wajen 0.602. Kada ka sa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Sannan ka tabbata 1 + r tana tsakanin d da u. In q ta fito sama da 1 ko ƙasa da sifili, toh ko kayi kuskure ko lambobin tambayar ne suka ba da ƙofar cin bulus tun kafin a zo kan kol, misali da ruwan banki kashi 25 ne a zango, ko a rana mafi kyau hannun jarin baya kamo banki, wa zai riƙe shi a 100?

In ka gama kuma kana da minti biyu, gwada amsarka da fut ofshin mai sitirayik ɗaya, wato haƙƙin sayarwa a 90. Shi a 64 kawai yake biya, 26. 0.16 sau 26, 4.16, raba da 1.0816, 3.85. Kol a cire fut dole ya yi daidai da farashin yau a cire darajar 90 ta yau. 20.64 a cire 3.85, 16.79. 90 a raba da 1.0816, 83.21, cire daga 100, 16.79. In biyun basu haɗu ba akwai inda ka zame. Daga nan ma ka samu ƙasan da kol ba zai taɓa sauka ba, 16.79, tunda fut baya zama ƙasa da sifili.

Duk wannan da muka yi a kan cewa kamfanin baya rabon riba a cikin shekarar ne, in yana yi farashi na sauka ranar rabon kuma mai kol baya samun komai a ciki, sai an gyara bishiyar. Mun kuma ɗauka ana iya sayen 0.1875 na hannun jari, ba kuɗin dillali, kuma ruwan da zaka ci bashi da shi shine ruwan da za a baka in ka ajiye. Na yankin ba matsala bane, mai riƙe da kol dubu goma hannun jari 1875 zai riƙe. Na dillali da bambancin ruwan su ne na gaske, su ke sa a kasuwa farashin ya zama ɗan fili ne tsakanin lambobi biyu maimakon lamba ɗaya tak. Sannan ba hannun jarin da farashinsa uku ne kacal bayan shekara, zango biyu na koyo ne. Hanyar da John Cox da Stephen Ross da Mark Rubinstein suka fitar a 1979 ita ce a yanka lokacin gunduwa-gunduwa da yawa, a ɗauki u = e^(σ√Δt) da d = 1/u inda σ take nufin yawan kai-kawon farashin, kuma da zangunan suna ƙaruwa amsar tana matsawa zuwa ta Black da Scholes ta 1973. A aikace zaɓen σ ɗin nan shine inda masu sana'ar suke saɓani, ba q ba.

Abu ɗaya kuma tunda nasan wani zai tambaye ka a gida, lissafin nan a kan bashi mai ruwa aka gina shi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta ce cinikin ofshin yadda ake yinsa a kasuwannin duniya bai halatta ba. Ni lissafin na koya maka, hukuncin shiga cinikin ka kai wa malamansa.

Kafin ka mayar da aikin, canza sitirayik ɗin zuwa 100 ka sake yi ta hanyoyi biyun, ta delta da bashi da kuma ta q. Zaka ga reshen ƙasa gaba ɗaya ya mutu tunda 96 bata kai 100 ba, 144 ce kaɗai zata biya 44, kuma ya kamata ka samu 14.64. In ba ita ta fito ba turo min abinda ka rubuta layi-layi mu duba tare.